Yadda Hausa ke zamewa daga bakin wadda ta yi nisa da gida

Tambaya: "Malam, ina rubuta gajeren labari a kan wata budurwa, Safiya, wadda ta tashi a hannun kakarta a Kano, ta tafi Ingila karatu tana da shekara 19. So nake in nuna Hausarta tana gudu a hankali har ta kasa magana da kakar. Sau biyu ina rubutawa, duk wanda na ba ya karanta sai ya ce bai yarda ba. Ina matsalar take?"

Masu karatunki suna da gaskiya, ƙanwata, ko da ba su iya faɗa miki dalili ba. Kunnensu ne ya gaya musu. Wanda ya kai shekara 19 yana kwana yana tashi da Hausa ba ya wayar gari ya kasa yin ta, ko da ya yi shekara talatin a waje. Masu binciken harshe sun daɗe da lura cewa akwai wata iyaka wajen shekara 12, lokacin balaga. Yaron da aka raba da harshensa kafin wannan lokaci yana iya rasa shi ƙwarai, har ya rasa shi gaba ɗaya. A 2003 Christophe Pallier da abokan aikinsa sun gwada wasu manya da aka haifa a Koriya, iyalai Faransawa suka ɗauke su riƙo suna tsakanin shekara 3 zuwa 8. Da aka kunna musu jimloli cikin harsuna daban-daban, ba su iya ware harshen Koriya daga sauran baƙin harsuna ba. Amma wanda ya fita bayan ya balaga, ginshiƙin harshen yana nan daram. Safiyarki ba za ta taɓa ce wa kakarta "kai" a maimakon "ke" ba, ba za ta ce "rigan Iya" ko "mota ne" ba, kuma ɓ da ɗ da ƙ ba za su bar bakinta ba. In kin sa ta yin irin waɗannan kurakurai, to Hausar wanda ya koya da girma kika ba ta, kuma duk Bahaushe zai ji bambancin nan take.

Saboda haka hanya biyu ce a gabanki. Ko ki rage mata shekaru, ta bar Kano tana da shekara 7 ko 8 ta bi iyayenta, sannan kina da damar ki sa ta ce "tunkiyoyi" a maimakon tumaki, ta rasa awaki da dawaki da takubba, domin jam'in Hausa kala-kala ne, kuma yaron da bai gama tattara su ba yakan jingina da mai sauƙin nan na mota da motoci, taga da tagogi. Ko kuma ki bar ta a 19 ɗinta, ki sauya abin da take rasawa. Ni na biyun nake ba ki shawara. Shi ya fi wuyar rubutawa, kuma shi ya fi taɓa zuciya, domin abin da ke tafiya siriri ne, ita kanta ba za ta ankara da wuri ba.

Abin da babba yake fara rasawa shi ne sauri. Kalmar tana nan a kanta, sai dai ba ta zuwa a lokacin da ake bukatarta. Harshen da take amfani da shi tun safe har dare shi ke riga zuwa bakin ƙofa, ita kuwa Hausa sai an ɗan jira ta. Jiran bai fi ƙiftawar ido biyu ba. A hirar yau da kullum ba wanda zai lura. Amma akwai wuri guda a rayuwar Bahaushiya da wannan ɗan jinkirin yake kashe magana murus, kuma sa'arki shi ne a tsakiyar labarinki yake: wasan kaka da jika.

Kin san yadda abin yake. Kaka tana kiran jikanta namiji mijinta, jikarta mace kuma kishiyarta. Tsakaninsu ba kunyar da ke tsakanin 'ya da uwa. Tsokana ce, a jefo a mayar, wadda ta yi shiru ita ta sha kashi. Wannan wasa duk a kan sauri aka gina shi. Amsar da ta zo bayan daƙiƙa uku ta riga ta huce. Don haka maimakon ki gaya mana cewa Hausar Safiya tana raguwa, ki ba mu kiran waya uku a shekaru daban-daban, ki bar mu mu ji yadda wasan yake mutuwa.

Ga misalin na farko, wata biyu da tafiyarta:

"Wa nake ji haka? Kishiya ce? An ga ba za a iya da ni ba, an tattara an gudu."

"Wa ya gudu? Ajiyarsa na ba ki, tsohuwa. Ki dai riƙa wanke masa hula kafin in dawo in karɓi abina."

"Da wane tuwon za ki karɓe shi? Naki mai gudaji?"

"Gudajin nawa ya fi miyarki tsululu."

Ki lura ba wanda ya tsaya numfashi. Ki lura kuma da "tsululu". Irin waɗannan kalmomi masu zana abu a ido, fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, cika fal, shiru tsit, su ne gishirin Hausar gida, kuma ba su da takwarori a Turanci da za su riƙa tuno mata da su. A kiran farko ki cika bakin Safiya da su. A na biyu ki rage. A na uku komai ya koma "sosai": fari sosai, zafi sosai, na gaji sosai. Ba kuskure ko ɗaya a cikin maganarta, amma ta zama lami. Mai karatu zai ji an cire wani abu ko bai san mene ne ba.

Kira na biyu, a shekara ta uku, nan ne aikin yake. Iya, wato kakar, ta jefo tsokanarta kamar kullum, Safiya ta yi dariya ta ce, "Kai, Iya!" Shi ke nan. Amsar da ta dace sai ta zo mata bayan an kashe waya, tana tsaye a tashar bas cikin sanyi, ta faɗe ta a fili ita kaɗai. A wannan kiran kuma za ki iya shigo da nau'in kuskuren da babba yake yi da gaske, wato ɗora kalmomin Hausa a kan ƙirar Turanci. Bature ɗaukar magani yake yi, mu kuwa sha muke. Shi wuce jarrabawa yake yi, mu ci muke. To sai Safiya ta ce:

"Iya, kin ɗauki maganinki?"

"Na ɗauka in kai shi ina?"

Iya ba da mugunta ta faɗa ba, a wurinta ƙofar wasa ce ta buɗe. Da a shekarar farko ne, da Safiya ta mayar mata. Yanzu kuwa sai ta ji kunya ta kama ta, ta gyara da sauri, "kin sha, nake nufi," ta sauya magana. Irin wannan guda ɗaya ko biyu sun isa a labarin gaba ɗaya. In suka yi yawa, Safiya ta zama abin dariya, mai karatu ya daina jin tausayinta.

A nan zan ja kunnenki a kan wani abu da nake yawan gani a rubutun matasa. Cusa Turanci a bakin jaruma ba ya nuna ta rasa Hausa. Je ki kowace jami'a a Kano ko Zariya ki saurari 'yan mata suna hira, Ingausa ce zalla, kuma in suka koma gida gaban kakanninsu Hausa tsantsa za su yi ba tare da sun yi tuntuɓe ba. Mai gauraya harshe don ya ga dama daban, wanda ya nemi kalmar ya rasa daban. Bambancin yana cikin ɗan shirun da ke zuwa kafin kalmar, da "abin nan, abin nan" da ake cike gurbi da shi. Wannan shirun za ki rubuta.

Sai kuma wace Hausa ce take tafiya, domin ba duka take tafiya tare ba. Safiya tana iya sauraron labaran duniya da Hausa a wayarta kullum ta fahimci komai, har ta yi muhawarar siyasa. Wannan ba Hausar Iya ba ce. Hausar Iya tana madafa da tsakar gida: muciya, maburgi, mara, ludayi, faifai, rariya, akushi, taɓarya. Tana cikin aikatau irin su surfe, bakace, tankaɗe, talge, tuƙa, kwashe. Kalma tana rayuwa ne in ana taɓa abin da take nufi, kuma a ɗakin ɗalibai a Ingila ba maburgi. Ki sa ta a gaban tukunya wata ranar Asabar, ta samo garin masara da kuɓewa busasshiya da wata ta kawo mata daga gida, tana riƙe da abin kaɗa ƙwai na ƙarfe, tana neman sunan ɗan itacen nan mai 'yan yatsu a ƙasa da Iya take murzawa tsakanin tafukanta. Ta san da "ma" ya fara. Tana ganin hannun Iya, tana jin ƙarar miyar, sunan ya ƙi zuwa. Haka abin yake faruwa da gaske, mutum yakan riƙe farkon kalma da tsawonta, sauran ya ɓace. Kuma da za a faɗa mata, nan take za ta gane, domin fahimta tana daɗewa sosai bayan furtawa ta yi rauni. Kada ki taɓa sa Safiya ta kasa gane abin da Iya take cewa, sai dai ko wata tsohuwar karin magana da dama can ba ta cika ji ba.

In kina son ƙarin zurfi, ki ba Iya karin harshenta. A ce 'yar ƙasar Sakkwato ce aure ya kawo ta Kano, har yau "ɗiyata" take cewa, da "mi", da "tahi". Safiya tana ƙarama ta iya juya harshe ta yi irin ta Iya in suna su biyu. Wannan ce za ta fara tafiya tun kafin Kananci ya girgiza, domin mutum ɗaya tak take yin ta da shi a duniya. Sai dai in ba ki san karin da kyau ba, ki bar shi, Basakkwace zai kama ki a layin farko.

Yanzu dalili. Nisa kaɗai ba ya isa, musamman a wannan zamani da waya take hannun kowa, kuma agogon Ingila da na Nijeriya ɗaya ne a lokacin zafinsu, in hunturu ya shigo ne suke komawa baya da awa ɗaya. A Landan da Mancesta akwai Hausawa, ana haɗuwa da salla, ana biki ana suna. Mai karatu zai tambaya, me ya hana ta magana? Wata mai binciken harshe, Monika Schmid, ta yi wani bincike da aka buga a 2002 a kan Yahudawan birnin Dusseldorf da suka tsere daga Jamus zamanin Hitila suka zauna a ƙasashen masu Turanci. Ta tarar cewa waɗanda suka fita a ƙarshe, bayan farmakin da aka kai wa Yahudawa a Nuwamba 1938, wato waɗanda suka fi ganin wulaƙanci, su ne Jamusancinsu ya fi raunana. Abin da zuciya take ji game da harshe yana da hannu a cikin yadda yake zama ko yake zamewa. Ba sai kin ba Safiya babban bala'i ba. Ƙaramin rauni ya isa. Ta zo hutu a shekara ta biyu, a gidan biki ta yi tuntuɓe a wata kalma, 'yan uwa suka kwashe da dariya, wata ta ce "Baturiya ta iso," sunan ya bi ta. Daga nan ta fara auna kowace jimla kafin ta furta. Mai auna magana yana jinkiri, mai jinkiri yana ƙara tuntuɓe, sai ya fara gudun wuraren da za a ji shi. Na ga wannan da idona a kan wata 'yar ɗan'uwana. Da ta dawo hutu, sai na lura a cikin taro ba ta buɗe baki sai gaisuwa, amma in mu biyu ne a zaure tana zuba kamar ba ta taɓa fita ba. Hausar tana nan, tsoron kunnen mutane ne ya danne ta.

Wannan tsoron shi zai kai ta ga saƙon murya. Kiran waya ba ya jira, saƙon murya kuwa ana iya gogewa a sake. Ki nuna ta tana ɗauka sau huɗu kafin ta tura na minti ɗaya, ta tsara gaisuwa bi da bi, ta tambayi ƙafar Iya, ta tambayi mutanen gida. Wata jikar ta kunna wa Iya, Iya ta saurara har ƙarshe ta ce, "Wannan ai kamar mai karanta sanarwa a rediyo." Hausar ta fito daidai, ba inda za a gyara, kuma wannan daidai ɗin ne ya tona ta.

Gaisuwa ita ce za ta fi daɗewa, domin a haddace take. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina labari, sai alheri. Shi ya sa a kira na uku gaisuwar za ta yi tsawo, abin da ke bayanta ya gajarce. Amma akwai gaisuwar da ba kullum ake yi ba, ta rasuwa, ta haihuwa, ta wanda ya tsallake hatsari. A nan za ki iya kama ta. An yi rashi a dangi, aka miƙa mata waya ta yi wa gwaggonta ta'aziyya, ta ce "ya haƙuri," ta ce "Allah ya jiƙansa," sannan ta tsaya, addu'o'in da ya kamata su biyo baya suna jere a bakin kowa amma nata ya bushe. Sai ta ji "sori" tana neman fitowa, ta haɗiye.

Abu mafi muhimmanci na ajiye shi nan, kuma shi ne na tabbata babu a rubutunki na farko da na biyu. Ki daina kallon bakin Safiya kaɗai, ki kalli na Iya. Duk wanda yake magana da mai rauni a harshe yakan sassauta nasa ba tare da ya yi niyya ba. Yana rage gudu, yana zaɓar kalmomi masu sauƙi, yana barin habaici da karin magana. Iya ba ta san sunan wannan abu ba, amma za ta yi shi saboda ƙauna. A kira na uku, shekara ta biyar ko ta shida, sai mu ji ta tana magana dalla-dalla kamar da baƙuwa:

"Safiya, kina lafiya? Ya karatu? Kina cin abinci? To, Allah ya taimaka."

Ba kishiya, ba tsohon da ake rigima a kansa, ba tuwo mai gudaji. Ta kira ta da sunanta na yanka. Kada ki yi bayani a kai, kada Safiya ta yi dogon tunani tana fassara mana. In kin gina kiran farko da kyau, mai karatu da kansa zai nemi kalmar nan ya ga babu. Ya isa ki ce bayan an kashe waya ta duba fuskar wayar ta ga minti biyu da daƙiƙa goma, alhali a da sai katin Iya ya ƙare ake rabuwa.

Akwai matsalar murya da dole ki warware tun kafin ki sake zama rubutu. In Safiya ce take ba da labarin da bakinta, cikin Hausa mai daɗi irin taki, to kin ƙaryata kanki, domin ga ta nan tana zuba Hausa shafi bayan shafi. Ki yi amfani da mai ba da labari na gefe, wanda yake manne da ita yana ganin abin da ke ranta. Shi Hausarsa ta kasance cikakkiya, da karin magana da komai, ita kuwa tata a cikin zance tana ƙara sirancewa. Tazarar da ke tsakanin muryoyin biyu ita za ta yi miki rabin aikin. Akwai kuma abin da takarda ba ta iya ɗauka. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti, kuka na hawaye da kuka ta miya iri ɗaya ake rubuta su, haka wuya na jiki da wuya ta wahala. In kina son nuna cewa lafazinta ya ɗan karkata, wanda yakan faru kaɗan ko ga manya, sai ta bakin mai sauraro, kamar direban tasi a filin jirgin Malam Aminu Kano ya amsa gaisuwarta sannan ya tambaye ta daga wace ƙasa take.

Game da ƙarshe, na san inda hannu yake son zuwa: Iya ta rasu, Safiya ta iso a makare, ta durƙusa tana kuka. An rubuta wannan da yawa, kuma yana binne ainihin batun a ƙarƙashin makoki. Gaskiyar lamarin ita ce irin raunin Safiya yana warkewa. In ta dawo ta yi 'yan makonni a tsakar gida, yawancin abin da ya ɓuya zai fito. Abin da ba shi da tabbas shi ne ko Iya za ta jira, kuma wannan fargabar ta fi ƙarfi in Iya tana raye a shafin ƙarshe. Da ni ne, da na koma kan tukunyar nan. Safiya ta ajiye saƙon murya, ta danna kira kai tsaye, ba shiri, miya tana tafasa. Ta ce, "Iya, mene ne sunan abin nan da kike burga miya da shi?" Kin ga aikatau ɗin ya fito da kansa, sunan yana cikinsa, ita ba ta ma lura ba. Iya ta yi shiru kaɗan, irin shirun wadda take auna ko ta ba da amsa kawai ko ta jefo tsokana. Sannan ta ce, "Mace har ta yi shekara ashirin da biyar ba ta san maburgi ba, kuma wai ita ce za ta ƙwace min miji." Daga nan saura layi ɗaya ko biyu. Ko Safiya ta samu amsa a kan lokaci, ko ta makara da daƙiƙa uku Iya kuma ta jira ta, wannan ke za ki yanke, domin ke kika san su.